Waya Ta Faɗa Ruwa? Bar Shinkafa a Buhunta

Abu na farko da kusan kowa ke yi idan ya tsamo wayarsa daga ruwa shi ne ya danna ta ya ga ko tana da rai. Idan ta kawo haske ya yi hamdala, ya goge ta a jikin riga, ya kira wani don ya ji ko murya tana fita. Idan ta ƙi kawowa sai ya ce ƙila caji ne ya ƙare, ya jona ta a wuta. Can kuma wani daga cikin masu jaje ya kawo shawarar da kowa ya sani: a binne ta a cikin ɗanyar shinkafa ta kwana biyu. Duk cikin waɗannan babu wanda ke taimakon wayar, jona cajin kuwa shi ne yake yawan ƙarasa ta.

Ana yin wannan kuskure ne saboda an ɗauka jiƙewa ce ciwon, don haka bushewa ce maganin. Ba haka abin yake ba. Abin da ke kashe waya shi ne haɗuwar wutar lantarki da ruwa mai datti a cikinta, kuma ɓarnar tana somawa ne tun ana tsaye ana jimami.

Abin da ruwa ke yi a ciki

A cikin kowace waya akwai wani ɗan faifai da masu gyara ke kira fanel, wasu kuma su ce injin. A kansa aka shimfiɗa siraran hanyoyi na jan ƙarfe, aka manna ɗaruruwan ƙananan kayayyaki da dalma, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Tazarar da ke tsakanin wata hanya da maƙwabciyarta sau da yawa ba ta kai milimita 1 ba, kuma kowace da irin wutar da aka tsara mata ta ɗauka. Wata tana ɗauke da wutar batir kai tsaye, wadda ke kusan bolt 4, wata kuma tana kai saƙo ne ga sassan da ba sa jure ko rabin haka.

Ruwan da muke mu'amala da shi kullum, na famfo ne ko na rijiya ko na burtsatse, yana ɗauke da gishiri da ma'adinai narkakku, kuma su ne ke ba shi ikon ɗaukar lantarki. Ɗigo guda ya isa ya haɗa hanyoyi biyu da bai kamata su haɗu ba. Idan wuta mai ƙarfi ta tsallaka ta shiga inda ba ta da hurumi, sai wani sashe ya ƙone nan take. Wannan ce ɓarna ta farko, ita ce masu gyara ke cewa wayar ta yi shot.

Ta biyun ta fi yawa, kuma a ɓoye take aiki. Muddin akwai wuta a tsakanin ƙarafa biyu da ruwa ya haɗa, to ƙarfen ɗaya ɓangaren zai riƙa narkewa a hankali yana bin ruwan. Cikin 'yan sa'o'i sai wani gari fari ko mai launin tsanwa ya soma taruwa a ƙafafun kayayyakin. Tsatsa ke nan, irin ta jan ƙarfe da dalma. Tana cinye hanya har ta tsinke, ko kuma ta taru ta haɗa hanyoyi biyu ko bayan ruwan ya ƙafe. Shi ya sa za ka ga waya ta tashi garau ranar da ta sha ruwa, ta yi mako tana aiki, rannan kawai ta daina karɓar caji ko sabis ya ɗauke.

Akwai wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba: kashe waya ba ya raba ta da wuta gaba ɗaya. Muddin batir yana jone, wasu hanyoyin a raye suke, suna jiran a danna maɓallin kunnawa. Kashewa yana rage haɗarin sosai, domin yawancin hanyoyi suna mutuwa, amma cire batir ne kaɗai ke tsayar da ɓarnar cak. Masu ƙananan wayoyi masu madannai sun ci riba a nan, tunda da farce ake ɓalle murfin a fitar da batir cikin daƙiƙa kaɗan. Manyan wayoyin yanzu kuwa an liƙe bayansu da gam, batirin yana ciki, sai mai gyara.

Daga bokitin wanki zuwa shago

Mu ƙaddara wata baiwar Allah tana wanki da hantsi, ta sunkuya, wayarta ta sulale ta faɗa bokitin ruwan kumfa. Waya ce mai matsakaicin kuɗi, irin wadda ba a cire mata batir, ba kuma a yi alkawarin tana jure nutso ba. Ta tsamo ta cikin daƙiƙa 10, allon yana nan da haskensa.

Ruwan wanki yana cikin mafi muni, domin aikin sabulu shi ne ya sa ruwa ya ratsa ƙananan ƙofofi. Tataccen ragar da aka sa a bakin lasifika da makirfo tana iya tare ɗigon ruwa zalla na ɗan lokaci, amma ruwan kumfa wucewa yake yi. Ga shi garin sabulu cike yake da sinadarai masu ɗaukar lantarki. Saboda haka hasken da take gani a allo ba shaida ba ce cewa wayar ta tsira.

Abin da za ta fara yi shi ne ta kashe wayar, a minti na farko, ba tare da ta tsaya duba saƙo ko gwada kyamara ba. Idan allon ya daina jin taɓi, ta yadda ba za ta iya zaɓar kashewa ba, kada ta yi ta danne maɓallai. A wayoyi da yawa dogon dannawa sake tayar da waya yake yi, kuma tashin waya yana cikin lokutan da ta fi jan wuta. Ta bar ta haka, ta gaggauta. Idan kuma wayar ta mutu da kanta a cikin ruwan, to kada ta yi yunƙurin tayar da ita ko sau ɗaya. (Da a ce wayar tana jone da caji ne lokacin da ta faɗa, sai a fara kashe wutar daga bango kafin a sa hannu a ruwa. Ran mutum ya fi waya.)

Sai ta cire rigar wayar, domin roba tana riƙe ruwa a gefe-gefe, daidai inda maɓallai suke. Ta goge jikin wayar da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. Tunda kumfa ce, ta ɗan jiƙa wani tsumman da ruwa mai kyau, ta matse shi sosai, ta share santsin sabulun. Ba za ta tara wayar a bakin famfo ba, domin ƙarin ruwa za ta tura ciki. Bayan wajen ya bushe sai ta zaro ma'ajin layi, ta fitar da layinta da katin memori, ta goge su. Layin waya da wuya ruwa ya yi masa illa, kuma idan ta sa shi a wata wayar za ta ci gaba da samun kira da saƙonnin banki, wanda hakan kan rage zumuɗin kunna jiƙaƙƙiyar.

Tana da damar ta leƙa ramin layin da tocila. A wayoyi da dama, har da na kamfanonin Apple da Samsung, akwai wata 'yar alama a ciki, fara ce, amma da ruwa ya taɓa ta sai ta koma ja ko ruwan hoda. Idan ta sauya launi, ruwa ya shiga, babu sauran tantama. Idan ba ta sauya ba, wannan gefen ne kawai aka san bai jiƙe ba.

Daga nan ta riƙe wayar a tsaye, ramin caji yana kallon ƙasa, ta riƙa ɗan bubbuga ta a tafin hannu a hankali don ruwan da ke ramin ya ɗigo. Girgizawa da ƙarfi tana watsa ruwan ne zuwa inda bai kai ba, haka nan hurawa da baki. Kada ta zura tsinke ko auduga a ramin, domin ƙafafun da ke ciki sirara ne, audugar kuma tana barin zare. Duk wannan aikin bai wuce na minti 10 ba.

Sauran minti 50 na sa'ar na tafiya wurin mai gyara ne. Ga wanda ke birni kamar Kano, inda kasuwar waya ta Farm Centre ke cike da masu wannan sana'a, ko duk garin da ke da rumfar gyara a bakin kasuwa ko tasha, babu dalilin da zai sa waya ta kwana da ruwan sabulu a cikinta. Ta naɗe ta a busasshen tsumma, ta riƙe ta a tsaye, ta kama hanya.

Idan dare ne, ko ƙauye ne mai nisa, to iska ce abokiyar aiki. A jingina wayar a inuwa, ramin caji a ƙasa, ramin layi a buɗe, a sa fanka tana kaɗa ta. Da hunturu iskarmu busasshiya ce ƙwarai, tana kwashe danshi da sauri, sai dai a kiyaye ƙura. Da damina kuwa bushewar tana ɗaukar lokaci. Ko wanne ne, jira ne kawai ake yi kafin gari ya waye a kai ta a buɗe.

Mutanenmu da yawa rana suke nufa: a ɗora waya a kan kwanon rufi ko a kan kujerar babur ta sha zafi. An gudu wa gara an faɗa wa zago. Kamfanin Apple ya ce kada a ajiye wayarsa a zafin da ya wuce digiri 45 a ma'aunin Salshiyas, alhali a watan Afrilu ko a inuwa zafin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai kan haura digiri 40, balle kwanon da ke kallon rana. Zafi yana sassauta gam ɗin da ya riƙe allo, yana lalata batir. Ruwan da ya zama tururi a ciki kuma ba shi da isasshiyar mafita, sai ya je ya sauka a bayan gilashin kyamara ko a ƙarƙashin allo. Na'urar busar da gashi da gefen murhu duk hukuncinsu ɗaya da rana.

Idan kuwa wayar ta soma zafi ita kaɗai, ko bayanta ya kumbura, ko ana jin wani wari ko 'yar ƙara tana fita, to batirin ne ya samu matsala. A fitar da ita waje, a ajiye a kan siminti ko yashi, nesa da yara da katifa da fetur.

To ita shinkafar fa?

Gaskiya ne ƙwayar shinkafa tana shan danshi daga iska, kuma daga nan ne zancen ya samo tushe. Amma shinkafar da ke buhu ba ƙishirwa take ji ba. Wadda aka sheƙa aka adana yadda ya kamata tana ɗauke da ruwa kimanin kashi 12 zuwa 14 cikin 100 na nauyinta, kuma ta riga ta daidaita da iskar ɗakin da take zaune. Da damina ma ta sha iya shanta. Ɗan abin da za ta ƙara ja ba shi da yawa, kuma a hankali take jansa.

Sannan shinkafa ba ta da hanyar da za ta jawo ruwa daga cikin rufaffiyar waya. Ruwan da ya maƙale a ƙarƙashin murafun ƙarfe da ke kan fanel dole sai ya zama tururi, ya lalubo ƙofa, ya fito, kafin wani abu na waje ya same shi. Abin da ke hanzarta wannan shi ne iska mai motsi. Wanda ya binne waya a kwanon shinkafa ya rufe, ya toshe mata iskar ne da hannunsa. A 2014 wani kamfanin Amurka mai sayen tsofaffin wayoyi, Gazelle, ya gwada abubuwa daban-daban da mutane ke busar da waya da su, ta hanyar auna ruwan da kowanne ya janye daga jiƙaƙƙen soso. Ɗanyar shinkafa ce ta zo ta ƙarshe, soson da aka bari a fili kuwa ya fi na cikinta bushewa.

Tana kuma da nata sharrin. Shinkafa tana da gari da ƙananan gutsattsari, musamman 'yar gida. Garin idan ya haɗu da laima yana zama kamar kunu a bakin lasifika, gutsuren kuma yana shigewa ramin caji ya kumbura. A farkon 2024 kafafen labarai sun yi ta yayata gargaɗin da Apple ya rubuta a bayanin taimakonsa, cewa kada a sa iPhone a cikin shinkafa saboda ƙananan ɓarɓashinta na iya lalata wayar.

Amma a ganina babbar illarta ita ce lokacin da take cinyewa. Ko da a ce shinkafa tana tsotse ruwa tas, ba ta wanke gishiri da sabulu da sukarin da ruwan ya bari. Rigar da miya ta zube wa, shanya ba ta mayar da ita wankakkiya. Kwana biyun da waya ta yi a binne, batir a jone yake, tsatsa tana ta cin fanel, mai ita kuma hankalinsa kwance don yana ganin ya ɗauki mataki. Gyaran da wanki kawai zai wadatar a ranar farko, a rana ta uku ya zama na canjin kaya, wani lokaci ma ya wuce gyara.

Za a ce ai wane ya gwada kuma tasa ta tashi. Haka ne, wayoyi da dama sun fito daga shinkafa da rai. Ko dai ruwan bai shiga da yawa ba, ko kuma wayar ta amfana da abu guda mai kyau da binnewar ta jawo: an ƙyale ta, ba a kunna ba, ba a jona caji ba. Da a kan tebur aka ajiye ta gaban fanka, da ta tashi haka ko fiye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Waɗanda tasu ta mutu a cikin shinkafar kuwa ba sa ɗora mata laifi, cewa suke ruwan ne ya yi yawa.

'Yan ƙunshin silika da ake samu a kwalin takalmi ko na magani sun fi shinkafa jan danshi, kuma ba su da gari. Sai dai waɗanda suka daɗe a buɗe sun riga sun ƙoshi, kuma su ma ba sa wanke komai.

Masu cewa tasu ba ta jin ruwa

A kwalin wasu wayoyi za ka ga an rubuta IP67 ko IP68. Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP67 na nufin an gwada wayar a zurfin mita 1 na minti 30. IP68 ya fi haka zurfi, amma kamfani ne ke faɗin iyakarsa: Samsung kan ce mita 1.5, Apple kuma mita 6 tun daga iPhone 12. IP53 da IP54 na yayyafi da fantsama ne kawai, ba na nutso ba. Duk gwajin da sabuwar waya ake yinsa a cikin ruwa mai tsabta. Kariyar kuwa gam ne da robobi, waɗanda ke saki da tsufa da zafi da faɗuwa. Wayar da allonta ya tsage, ko aka taɓa buɗe ta aka canza gilashi ko batir, a ɗauke ta kamar ba ta da kariya. Wasu wayoyin hannu da ake shigowa da su daga waje sun shiga wannan sahu. Kamfanonin da kansu ba sa sa ɓarnar ruwa a cikin garantinsu na yau da kullum.

Idan wayar lafiyayya ce mai wannan kariya ta faɗa shayi ko miya ko kwata, a nan ne ya halatta a ɗauraye ta sama-sama da ruwa mai tsabta, a goge, a bar ta gaban fanka, kuma kada a buɗe ma'ajin layi sai ta bushe. Apple ya ce a jira aƙalla sa'a 5 kafin a jona caja. Idan iPhone ya nuna saƙo mai ɗauke da kalmomin Liquid Detected, ko Samsung ya nuna alamar ɗigon ruwa, wayar ce ta hana kanta caji don akwai laima a ramin. A cire cajar a ƙara haƙuri. Bushewar na iya kai sa'a 24.

A gaban mai gyara

Mu koma ga mai wanki. Idan ta isa, ta faɗi gaskiya dalla-dalla: "Malam, ruwan sabulu ta faɗa, ba ta kai awa ɗaya ba, na kashe ta, ban sa caji ba. Don Allah kar ka kunna, ka fara cire batir." Ɓoye irin ruwan ko tsawon lokacin, saboda kunya ko tsoron tsada, kanta zai cutar.

Daga abin da mai gyara ya fara yi ake gane ko ya san aiki. Wanda ya karɓa ya miƙa hannu wajen caja don ya gwada, a karɓi waya a ƙara gaba. Wanda ya iya zai buɗe baya, ya zare mahaɗin batir kafin komai, ya raba allo da kyamarori, ya fitar da fanel. Zai duba mahaɗai da ƙarƙashin murafun ƙarfe, inda ruwa ke ɓuya. Sai ya wanke fanel ɗin da buroshi mai laushi da sinadarin aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 zuwa sama, wanda ke korar ruwa da datti ya kuma bushe da sauri. Wasu shagunan suna da 'yar na'urar wanki mai karkarwa da ke fitar da dattin da buroshi ba ya kaiwa. Fetur da kananzir ba su da gurbi a wannan aiki, kuma ba a zuba sinadarin a allo ko a kyamara, don yana barin tabo. Bayan komai ya bushe zai ba fanel wuta daga na'urar gwaji, ya ga ko yana jan wuta tun ba a kunna ba, wanda alama ce ta shot. Sai ya gamsu sannan ya mayar da batir, ko ya ce a sa sabo idan ruwa ya taɓa shi.

Ko wayar ta tashi, a riƙa lura da ita na makonni: hazo a gilashin kyamara, tabo kamar taswira a allo, allo yana danna kansa, batir yana zuƙewa da wuri, zafi ba dalili. Kowanne cikin waɗannan yana nuna akwai sauran laima ko tsatsa, a mayar da ita tun da wuri. Kuma a ranar da ta tashi, kafin ka kira kowa ka yi masa albishir, ka kwashe hotunanka da lambobinka da takardunka zuwa wata wayar ko kwamfuta, domin wayar da ta taɓa shan ruwa tana iya sake mutuwa ba sallama.